Darasi na Bakwai: Gano lissafin man mota da ya fita daban

Wannan darasi na wanda aka damƙa wa littafin mai ne, a kamfanin sufuri ko ƙungiyar direbobi ko makaranta mai motocin ɗaukar yara. Za mu koyi yadda ake duba littafin, a gane layin da ya fita daban, sannan a gane ko mai ne ke yoyo, ko kuwa alƙalami ne ya goce.

Abin da ake rubutawa

Duk lokacin da mota ta sha mai, a rubuta kwanan wata, da lambar da mitar kilomita ke nunawa, da yawan litar da aka zuba. A rubuta lita, kada a tsaya ga kuɗi kawai. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a shekarar 2023 farashi ke hawa yana sauka, don haka man naira dubu hamsin na wannan wata ba lalle ya kai na watan jiya ba. Ita kuwa lita ba ta canzawa.

Akwai sharaɗi ɗaya da lissafin ya dogara a kansa: kullum a cika tanki, har famfo ya tsaya da kansa. Idan tanki ya cika jiya, yau kuma aka sake cika shi, to man da ya shiga yau shi ne daidai wanda mota ta ƙone a tsakani.

Yadda ake lissafin

Cire lambar mita ta baya daga ta yau, ka sami kilomitar da aka yi. Raba ta da litar da aka zuba yau. Abin da ya fito shi ne nisan da mota ke yi da lita ɗaya. Wayar hannu ta isa yin wannan.

Mu ɗauki misalin bas ƙirar Hiace mai tankin lita 70, tana jigila tsakanin Kano da Kaduna. Zuwa da dawowa wajen kilomita 460 ne, kuma ana cika ta bayan kowace dawowa.

| Cikawa | Kilomita | Lita | Kilomita a lita ɗaya |
|---|---|---|---|
| 1 | 464 | 58 | 8.0 |
| 2 | 459 | 56 | 8.2 |
| 3 | 468 | 60 | 7.8 |
| 4 | 460 | 48 | 9.6 |
| 5 | 460 | 67 | 6.9 |
| 6 | 462 | 57 | 8.1 |
| 7 | 455 | 65 | 7.0 |

Yanzu jera amsoshin daga ƙarami zuwa babba: 6.9, 7.0, 7.8, 8.0, 8.1, 8.2, 9.6. Ɗora yatsa a kan na tsakiya. Shi ne 8.0, uku na gabansa, uku na bayansa. Wannan shi ne cin man da motar ta saba.

Wani zai ce me ya hana a tara su duka a raba bakwai? Dalili shi ne kuskure ɗaya yana iya lalata wancan lissafi. Da akawu ya ƙara sifili ya rubuta 4,640 maimakon 464, amsar layin za ta zama 80, ta ja jimillar sama. Amma a jeri, 80 ɗin za ta koma can ƙarshe ne kawai, na tsakiya ya matsa daga 8.0 zuwa 8.1.

Mota ba ta cin mai daidai kullum. Nauyin kaya, cunkoson shiga gari da ƙafar direba duk suna taɓa shi. Saboda haka a ba ta sarari. Ga mota mai bin hanya ɗaya, kashi ɗaya cikin goma sama da ƙasa ya isa a fara da shi. Kashi ɗaya cikin goma na 8.0 shi ne 0.8, ke nan daga 7.2 zuwa 8.8 lafiya lau. Motar da ke yawo cikin gari yau, gobe ta hau titi mai nisa, tana bukatar sarari fiye da haka. A littafinmu layi uku sun tsallake iyaka: na 4, na 5 da na 7.

Karanta abin da ya fita daban

Fara da layi na 4. Lita ɗaya ta yi kilomita 9.6, kuma mai mota zai iya jin daɗi. Kada ya yi saurin murna. Tsohuwar bas ba ta rage cin mai haka kawai a rana ɗaya. Dubi layin da ke biye, ya faɗo zuwa 6.9. Idan ka ga babba da ƙarami a jere, haɗa su. Kilomita 460 da 460 sun zama 920. Lita 48 da 67 sun zama 115. Raba 920 da 115, za ka sami 8.0 cif. Ashe babu man da ya ɓata. Ranar farko ba a cika tanki ba, wataƙila kuɗin hannun direba ne ya gaza, washegari aka cike gurbin. Da an dubi layi na 5 shi kaɗai, da an ɗora wa direba laifin da bai aikata ba.

Idan amsa ta yi sama kuma na biye bai faɗo ba, mafi yawa an sha mai ne a hanya ba a rubuta ba. Nemi rasit.

Layi na 7 shi ne abin damuwa, domin layi na 6 daidai yake, babu abin da zai cike shi. A cin da ta saba, kilomita 455 na bukatar kusan lita 57. An zuba 65. Lita 8 ke nan ba a san inda suka shiga ba.

Fara da takarda, don ita ce mai araha. Kwatanta littafi da rasit, ko 56 ce aka juya ta zama 65, irin wannan juyin lamba na faruwa sosai. Je ka karanta mita da idonka. Tambayi direba cikin mutunci: Malam, ranar nan an daɗe a cunkoso ne, ko an bar inji a kunne ana jiran fasinja? Injin da ke aiki mota na tsaye yana cin mai, mita kuwa ba ta motsi.

Idan takarda ta yi daidai, sai a koma kan mota. A cika tanki da yamma, a ajiye ta a fili nesa da wuta, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, a riƙe makulli. Da safe a duba. Man gas yana barin tabo mai maiƙo. Fetur yakan bushe, don haka a sunsuna kwalin. Wani yoyon ba ya fitowa sai inji na aiki, domin a lokacin ne mai ke matse cikin tiyo, saboda haka bakanike ya tayar da ita ya bi tiyon da ido daga tanki har inji.

Yanayin lambobin ma yana nuna hanya. Yoyo ba ya warkewa da kansa, don haka za ka ga cikawa ta 8 da ta 9 su ma sun faɗo. Idan lambar na sauka a hankali cikin makonni, a duba iskar taya, da burkin da ke kamawa, da filtar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa. Idan kuwa ta faɗo sau ɗaya ta koma daidai, bayan kwanaki ta sake, a lura ko gidan mai ɗaya ne, ko rana ɗaya ce a mako, ko direba ɗaya. In motoci uku suka nuna faɗuwa duk a gidan mai guda, famfon ake tuhuma. A je da jarka mai ma'auni a gwada shi.

A kuma kula da wannan: wasu motocin da aka shigo da su daga Amurka mitarsu mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Shi ya sa kowace mota ake ba ta shafinta, ana auna ta da tarihinta.

Aikin yi

1. Mota ta yi kilomita 480 da lita 60. Nawa take yi da lita ɗaya?
2. An rubuta cewa bas mai tankin lita 70 ta sha lita 82 a cikawa ɗaya. Me za ka fara dubawa?
3. Kawo cikawa bakwai na ƙarshe na mota ɗaya a wurin aikinka, ka jera amsoshin, ka zagaye na tsakiya.