Kurakuran da ake yi wajen kwashe hotuna da bidiyo daga waya, da yadda ake gyara su

Waya ta cika, saƙon "Storage space running out" ya addabi mutum, sai ya haɗa ta da kwamfuta ya kwashe hotunansa zuwa filash, ko ya kunna Google Photos ya goge na cikin wayar. Daga nan sai ya ce ya ajiye. Amma idan ka ƙirga, kwafi ɗaya yake da shi tun farko, kwafi ɗaya kuma yake da shi yanzu, wuri kawai ya canja masa. Hotunan biki da suna sukan salwanta a wannan kwashewar, ba a satar waya kaɗai ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada a goge komai daga waya sai an samu kwafi biyu a wasu wurare dabam, kuma an duba kowanne an tabbatar lafiyarsa lau.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata baiwar Allah tana da wayar Android, foldar kyamara tana ɗauke da fayil 3,412 masu nauyin 21.6 GB, hotuna da bidiyon WhatsApp kuma sun kai 9.3 GB. Tana so ta samu fili kafin bikin ƙanwarta.

Kuskure na farko: ɗaukar Google Photos a matsayin akwati

Google Photos da iCloud sun fi kama da madubi. Abin da ka yi a waya shi zai bayyana a can. Idan ajiya a kunne take, ka shiga manhajar Google Photos ka danna alamar kwandon shara a kan hoto, hoton zai bar wayar, ya bar asusunka na intanet, ya bar duk wata na'urar da ke kan asusun. Mutane da dama suna zama su goge ɗaruruwan hotuna a haka, suna cewa ai akwai su a Google. Hoton yana zama a kwandon shara na wani ɗan lokaci, a iPhone kwana 30 ne a cikin "Recently Deleted", bayan nan ya tafi ke nan.

Gyaran shi ne a san maɓallin da ya dace. "Free up space" yana cire kwafin waya kaɗai, kuma na abubuwan da suka riga suka hau. "Delete from device" shi ma na wayar kawai yake cirewa. Wanda ya riga ya yi kuskuren, ya garzaya kwandon sharar manhajar yau, ya danna "Restore".

Na biyu: zaton komai ya hau

Nan ne aka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe a kai. Asusun Google na kyauta 15 GB ne, kuma Gmail da Drive da Photos duk a cikinsa suke ci. Tun 1 ga Yuni 2021 aka daina ba da wurin ajiye hotuna mara iyaka kyauta. Na iCloud ma 5 GB ne kacal. Baiwar Allahn nan tana da kusan 31 GB, ka ga ko rabi ba zai shiga ba. Da asusun ya cika ajiya za ta tsaya, har saƙonnin Gmail su daina shigowa. To ko dai ta sayi ƙarin wuri, ko ta zaɓi abin da zai hau, sauran ta nema musu faifai biyu.

Sai maganar data. Manhajar tana jiran Wi-Fi kafin ta ɗora, sai in kai ka ba ta izinin amfani da datar layinka. Mu kuwa da yawanmu da datar layi muke rayuwa, ana iya wata uku waya ba ta ga Wi-Fi ba. Hotuna suna nan a jere cikin manhajar, kana ganinsu, amma na cikin wayar kake gani, ba su je ko'ina ba. Ban da haka, foldar kyamara ce take hawa da kanta. Ta WhatsApp da sauran foldodi sai ka shiga saitin ajiya ka kunna su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin "Back up device folders".

Yadda ake ganewa ba shi da wuya. Danna hoton asusunka da ke saman manhajar, ka ga ko an rubuta "Backup complete". Wannan ma bai isa ba. Ɗauki wata na'ura dabam, kwamfuta ko wayar ɗan'uwa, ka buɗe photos.google.com, ka shiga asusunka, ka nemo bidiyo mafi girma da hoton jiya da wani na shekarun baya. Abin da ka gani a can shi ne ya hau. In ka gama kada ka manta ka fita daga asusun.

Ka kuma leƙa ingancin da aka zaɓa. "Storage saver" yana matse hoton da ya wuce megafiksel 16, ya rage bidiyo zuwa 1080p. Don kallo a waya babu laifi. Mai ɗaukar hoton biki da zai wanke babban hoto kuwa "Original quality" yake buƙata, domin da zarar an goge na waya, matsattsen nan shi ne kaɗai ya rage.

Na uku: Cut maimakon Copy

Idan ka zaɓi "Cut", kowane fayil yana barin waya da zarar kwamfuta ta ɗauka ya iso. Kebul ya motsa, ko wayar ta kulle, ko a ɗauke wuta batirin kwamfuta ya mutu, sai aikin ya yanke a tsakiya, rabi nan rabi can, ba ka san inda aka tsaya ba. Kullum "Copy" ake yi, gogewa sai ƙarshe. Yi amfani da kebul mai kyau, ka tabbata akwai caji, ka kwafa folda-folda: DCIM, inda hotunan kyamara suke, tukuna, sannan Pictures, sannan ta WhatsApp, wadda a sababbin wayoyi take cikin `Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media`. Ka fara sauke su a kwamfuta, a ce `C:\Hotuna`, daga nan ka kai faifan waje.

Tura wa kanka hotuna ta WhatsApp ba ajiya ba ce. Yana matse su, ya cire bayanan ranar ɗauka da ke jikinsu, sai fa in a matsayin "Document" ka tura.

Na huɗu: yarda da filash don an rubuta 256 GB a jikinsa

Akwai jabun filash da katin memori da aka yi wa dabara su nuna girman da ba su da shi. Wanda ainihinsa 8 GB ne zai nuna 256 GB, ya karɓi duk abin da ka zuba masa ba musu, sunayen fayil su fito a jere da girmansu daidai. Sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar na farko-farko ne kawai suke buɗuwa, ko wasu sun koma shirme. Farashin da ya yi arha fiye da kima shi ne alamar farko. Kafin ka zuba komai, gwada shi yana fanko da manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac. Suna cika shi da bayanai har baki, su karanta, su faɗa maka ainihin abin da yake iya riƙewa. Gwajin yana cin sa'o'i, ka bar shi ya gama.

Idan kuma bidiyo ya ƙi shiga alhali akwai fili, tsarin faifan FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4 GB. A mayar da shi exFAT, wanda Windows da Mac duk suke karantawa su rubuta. Yin hakan yana share duk abin da ke ciki, don haka a farko ake yi.

Na biyar: kwafi ba tare da tantancewa ba

Matakin farko ƙirga ne. Danna dama a kan folda, ka zaɓi "Properties", ka kwatanta adadin fayil da "Size" a ɓangarorin biyu. Kada ka kula da "Size on disk", shi yana bambanta daga faifai zuwa faifai. A misalinmu, in wayar ta nuna 3,412 kwamfuta ta nuna 3,398, fayil 14 sun maƙale. Wani lokaci ɓoyayyun ƙananan hotuna ne na foldar `.thumbnails`, wani lokaci kuma manyan bidiyo ne. Sai an gano su kafin a wuce.

Ƙirga ba ta kama jabun filash, domin shi girma daidai yake nunawa. Abin da ke kama shi shi ne a sa kwamfuta ta karanta kowane fayil ta fitar masa da lambar shaida, wadda take canjawa ko da ɗigo ɗaya ne ya lalace a ciki. Cire faifan ta hanyar "Eject", ka sake sa shi, don a karanta daga jikinsa kai tsaye. Sannan ka buɗe PowerShell, manhajar rubuta umarni da ke cikin Windows, ka rubuta wannan, ka canja `E:` zuwa harafin faifanka:

```
$a = Get-ChildItem C:\Hotuna -Recurse -File | Get-FileHash
$b = Get-ChildItem E:\Hotuna -Recurse -File | Get-FileHash
Compare-Object $a $b -Property Hash -PassThru | Select-Object Path, SideIndicator
```

In ya gama bai nuna komai ba, kwafin biyu sun yi daidai. In ya jero wasu, alamar `<=` tana nufin fayil ɗin yana kwamfuta amma babu irinsa a faifai, wato bai iso ba ko ya iso a lalace. Sake kwafa shi, ka sake gwadawa. Idan kullum sai an samu sababbin da suka lalace, faifan ne ko kebul ɗinsa, kada ka ƙara ba shi amana. Wannan gwajin tsakanin kwamfuta da faifai yake aiki. Tsakanin waya da kwamfuta kuwa ƙirga ce, sai ka buɗe wasu da idonka, musamman dogayen bidiyo, ka ja su har ƙarshe, domin bidiyon da ya yanke yakan iya nuna farkonsa lafiya.

Na shida: mantawa da makullin asusun

Da yawa a shagon waya aka buɗe musu Gmail ranar da suka saya, ba su san kalmar sirri ba, lambar da aka sa don dawo da asusu kuma wani tsohon layi ne da aka daina amfani da shi. Ranar da wayar ta ɓace, hotunan suna nan a Google amma babu hanyar shiga. Kafin ka danna "Free up space", ka tabbata ka san kalmar sirrin, ka sabunta lambar wayar da ke kan asusun. Google kuma yana iya share asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba, don haka wanda aka buɗe don ajiya kawai yana buƙatar a riƙa leƙa shi.

Ga yadda baiwar Allahn nan za ta kammala. Duka 31 GB sun sauka a kwamfuta, adadi ya yi daidai. An kwafa su a faifan waje da aka gwada, lambobin shaida sun dace. Hotunan da ba za ta iya jure rasawa ba, a ce 10 GB, sun hau Google Photos, ta gan su da idonta daga wata na'ura. Faifan ba ya kwana cikin jaka ɗaya da kwamfutar, gidan yayarta ta kai shi, don ɓarawo ko gobara ko ruwan damina kada su haɗa su gaba ɗaya. Sai a sannan za ta share wayar: waɗanda suka hau ta cire su da "Free up space", sauran ta goge su ta manhajar fayil, ba ta cikin Google Photos ba. Duk bayan 'yan watanni ta karɓo faifan, ta ƙara sababbi, ta sake gudanar da layukan nan uku.