Folda ta ƙi sauka ko ta zo gunduwa-gunduwa: inda kuke kuskure

Kusan kowane mako sai wani yaro ya shigo shagona a Gusau da laftof yana cewa, "Oga, Google Drive ya cinye min rabin aiki." Ba abin da ya ci, kai ne ba ka ƙirga ba.

In folda ta yi nauyi, Drive ba ya ɗaure ta a `.zip` guda. Yana rarraba ta ƙunshi-ƙunshi, kowanne wajen giga 2, sunayen su ƙare da `-001.zip`, `-002.zip`, haka har ƙarshe. Na farko yana sauka, sai burauza ta nemi izinin sauke fayil da yawa a wani ɗan akwati can sama. In ka danna Block, ko ka rufe shafin, sauran ba za su zo ba. Mugun abin shi ne `-001.zip` zai buɗe lafiya lau, don kowane ƙunshi cin gashin kansa yake.

Nan na ƙone. Hotuna da bidiyon wani biki daga Ƙaura Namoda, giga 9. Na ga ƙunshi ɗaya ya sauka, na buɗe, na ga amarya, na ce wa mai ɗauka ya goge nasa har kwandon shara don ya samu wuri. Sai da uwar amarya ta ce, "Malam, ina kamu? Ina ɗaurin aure?" Ƙunshi biyar ya kamata in gani. Kuɗin aikin duka na mayar, kunyar kuwa har yau. Tun ranar ba na cewa a goge komai sai na ga lambobin sun jeru ba giɓi, na warware su duka a folda guda, na gwada yawan fayil da abin da ke Drive.

Kuskure na biyu, sabis ya yanke a tsakiyar saukewa. Fayil ya maƙale da `.crdownload`, ku kuma ku goge wutsiyar ku sa `.zip` da hannu, wai dabara. Jerin abin da ke cikin ƙunshi a ƙarshensa ake rubuta shi, wanda ƙarshensa bai iso ba kuwa WinRAR zai ce maka `Unexpected end of archive`. Resume ma ba kasafai yake ci ba, tunda ƙunshin na wucin gadi ne aka ɗaura maka. Ni dai ƙananan folda nake bi ɗaya-ɗaya, da tsakar dare, in ya yanke asarar data kaɗan ce. Aikin da ya haura giga 10 kuma, Drive for desktop nake sa wa, ba ruwansa da ɗaure ƙunshi.

Filashi mai FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Kwashe kayanka ka mayar da shi exFAT. Ka bar wuri ninki biyu, na ƙunshi da na warwarewa.