Yadda ake raba hurumi don kada wanda ya yi wa mai kawo kaya rajista ya zama shi ne mai biyansa

A ce kamfani yana aiki da manhajar SAP, kuma akawu ɗaya yana da izinin FK01 na yi wa mai kawo kaya rajista da F110 na biyan kuɗi. Zai iya ƙirƙiro kamfanin bogi mai kawo man dizal, ya sa lambar asusun ƙaninsa, ya tura takardar neman biya ta bogi a shigar, ranar biya naira miliyan 4 su fita ba tare da an sauke ko lita ɗaya ba. Ga yadda ake toshe wannan ƙofa.

Da farko a raba aikin gida uku a cikin PFCG, inda ake tsara izini. Mai rajista ya riƙe FK01 da FK02, wato buɗe sabon suna da gyara shi, ko BP a sabon tsarin S/4HANA. Mai shigar da takardar neman biya ya riƙe MIRO. Mai biya ya riƙe F110. Izinin a ɗora shi a kan kujera, ba a kan sunan mutum ba, domin idan aka yi wa ma'aikaci canjin ofis ya bar shi a nan.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Ɓarawo mai wayo ba ya wahalar buɗe sabon suna. Tsohon mai kawo kaya da kowa ya sani yake nema, ya canza lambar asusunsa ana gobe biya, bayan kuɗi sun fita ya mayar da ta asali. Saboda haka a sa lambar asusun banki cikin bayanan da sai mutum biyu sun amince. Da zarar an taɓa ta, F110 zai tsallake wannan mai kaya har sai wani dabam ya tabbatar da canjin ta FK08. Mai tabbatarwa kuwa ya kira mai kayan da lambar wayar da ke tsohon fayil, kada ya kira wadda ke jikin wasiƙar neman canjin. Ya kuma duba ko sunan da banki ya nuna ya dace da na takardar rajistar kamfanin. A lura, wannan kulle bai shafi biya da hannu ta F-53 ba, don haka shi ma a hana mai rajista.

Na uku, duk wata uku a shiga SUIM, inda ake duba izinin kowa, a fito da sunayen masu riƙe da izinin rajista da na biya a tare. Galibi za a tarar da wanda ya riƙe wa abokin aiki kujera lokacin hutu aka manta ba a karɓe ba, ko ma'aikacin sashen kwamfuta mai SAP_ALL, izinin da ke buɗe masa komai. Izinin riƙon ƙwarya a sa masa ranar ƙarewa tun ranar bayarwa.

Inda ma'aikatan kuɗi biyu ne kacal, akawu ya shirya biyan, mai kamfani ya sake shi da kansa a shafin banki, bayan ya karanta jerin lambobin asusun da aka canza a wannan watan.