Takardar neman dogon hutu: kurakuran da ake yi a sakin layin miƙa aiki

Duk shekara idan aikin Hajji ya gabato, takardun neman hutu sukan taru a teburin manaja. Na daɗe a ofishin da irin waɗannan takardu ke bi kafin su isa gare shi, kuma yawancin waɗanda aka mayar wa masu su, dalilin tafiyar bai taɓa zama matsalarsu ba. Babu manajan da ke musun cewa Hajji farilla ce ga mai iko. Abin da ke tsayar da alƙalaminsa shi ne sakin layin da ma'aikaci ya bayyana yadda aikinsa zai gudana bayan ya tafi. A nan yake neman amsar tambaya guda: idan abu ya cije ranar da ba ka nan, wa zan kira, kuma yana da ikon warware shi?

Bari mu ɗauki misalin akanta a wani kamfanin rarraba kaya, wanda ke neman makonni 6, daga 5 ga Mayu zuwa 16 ga Yuni. Ga abin da ya fara rubutawa:

"Yallaɓai, ka san shekaru na yi ina tara kuɗin wannan tafiya, kuma ban taɓa neman hutu irin wannan ba. Abokan aikina za su kula da komai, in sha Allahu ba za a samu matsala ba. Wayata tana buɗe, a kira ni kowane lokaci."

Jimlar farko gaskiya ce, amma wurinta a saman takarda ne, inda ake faɗin dalili, kuma layi ɗaya ya ishe ta. Idan ta shigo sakin layin miƙa aiki sai ya koma roƙo, manaja ya ji kamar tausayinsa ake nema.

Babban kuskuren yana jimla ta biyu. "Abokan aikina" ba mutum ba ne da za a iya kira a waya, kuma aikin da aka bar wa kowa, kowa zai zaci ɗan'uwansa ne zai yi. Gyaran shi ne a ambaci suna, a haɗa kowane suna da aikin da zai riƙe. Kafin ka rubuta sunan mutum kuwa, ka zauna da shi ya amince, in yana ƙarƙashin wani shugaba ka nemi yardar shugaban ma. Na ga takardar da aka soke bayan an kusa sa mata hannu, domin manaja ya kira wanda aka ambata, shi kuma ya ce yanzu yake jin maganar. Ka kuma duba ko wanda ka zaɓa ba shi da nasa hutun a tsakanin, musamman da yake babbar sallah tana faɗowa ana tsakiyar aikin Hajji, lokacin da mutane da dama ke tafiya gida.

Wasu sun wuce wannan matakin, sai su faɗa wani ramin: su jero duk abin da suke yi daga safe zuwa yamma, shigar da rasit, amsa waya, duba fayil. Manaja ya san waɗannan, kuma ko sun yi jinkirin kwana biyu kamfani ba zai girgiza ba. Abin da ke hana shi barci ayyuka ne masu wa'adi, waɗanda saɓa ranarsu ke jawo tara ko fushin ma'aikata. Don haka akantanmu ya ɗauko kalanda ya bi makonnin nan 6 rana bayan rana. A Najeriya harajin da ake cirewa daga albashi ana miƙa shi zuwa 10 ga watan da ke biye, to zai faɗo sau biyu yana Saudiyya, 10 ga Mayu da 10 ga Yuni. Harajin kayayyaki, wato VAT, wa'adinsa 21 ga wata, sau ɗaya ke nan. Akwai albashin ƙarshen Mayu, sannan kuɗin fansho da dokar fansho ta 2014 ta ce a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Waɗannan su ne naman sakin layin. Wanda za a iya gamawa kafin tafiya, kamar harajin albashin Afrilu, ya gama shi ya faɗa a takardar, nauyin da zai bari ya ragu.

Sai maganar iko, wadda aka fi mantawa. Mataimakinka yana iya shirya albashi tsaf, amma idan banki bai san shi ba, kuɗi ba za su fita ba. Mafitar da mutane ke saurin kamawa ita ce su bar wa abokin aiki lambar sirrinsu, wasu har su rubuta haka a takardar suna ganin sun nuna shiri. Wannan yana tayar wa manaja mai hankali da hankali, domin duk kuɗin da ya fita zai fita ne da sunan mutumin da ke Makka, kuma in an samu ɓaraka babu wanda za a riƙe. Abin da ya dace shi ne kamfani ya rubuta wa banki a buɗe wa mai riƙon nasa izinin, kuma wannan yana cin kwanaki, shi ya sa ake fara shi makonni kafin tafiya. Wanda ke shigar da biya ya zama daban da wanda ke amincewa da shi, kamar yadda aka saba.

Alkawarin "a kira ni kowane lokaci" kuwa ba zai cika ba. Mutumin da ke Mina ko Arfa ba zai buɗe lissafin kamfani ba, kuma faɗin hakan yana nuna cewa aikin bai bar hannunka ba. Ka faɗi lokaci ɗaya da za ka duba saƙo, da ranakun da ba za a same ka ba sam.

Ranar dawowa ma tana buƙatar gaskiya. Jigilar alhazai zuwa gida tana bin jadawalin hukumar alhazai da na jirage, kuma yakan motsa. Idan jirgin akantanmu ya yi jinkirin mako guda, 23 ga Yuni zai dawo, ya tarar wa'adin harajin kayayyaki na 21 ga Yuni ya wuce alhali ba a ɗora wa kowa shi ba. Saboda haka shirin ya zarce ranar dawowar da mako ɗaya ko biyu.

Ga yadda sakin layin ya koma bayan gyara. Inda na sa "Wane" da "Wance", sunayen gaskiya ake rubutawa:

"Daga 5 ga Mayu zuwa 16 ga Yuni mataimakina Malam Wane zai riƙe aikina, kuma ya amince. Zan miƙa harajin albashin Afrilu kafin in tafi. Shi zai shirya harajin kayayyaki na 21 ga Mayu, albashin Mayu da kuɗin fanshonsa, da harajin albashi na 10 ga Yuni, Hajiya Wance ta duba kafin su zo teburinka. Albashin Afrilu shi zai shirya ina gefe ina duba shi. Ina roƙon a rubuta wa banki a wannan makon don a ba shi izinin shigar da biya, amincewa kuma tana hannunka kamar kullum. Idan jirgin dawowa ya yi jinkiri, Malam Wane zai ci gaba har ƙarshen Yuni, har da harajin 21 ga Yuni. Zan riƙa duba saƙo kowace Asabar, ban da makon aikin Hajji. Cikakken bayanin miƙa aiki zai iso gare ka ranar 28 ga Afrilu."

Jimlar gwajin albashin Afrilu ita na fi so a duk sakin layin, domin tana ba manaja damar ganin shirin yana aiki tun kana nan, in akwai gyara a yi shi kana kusa. Amma ba za ta yiwu ba sai takardar ta shiga da wuri. Wanda zai tafi 5 ga Mayu, ya kai tasa tun farkon Afrilu.