Takardar POS ta fito: a sake saka kati ko a dakata?

Da farko kada ka tsaya kan kalmar DECLINED kaɗai. Duba ƙasan takardar, inda aka rubuta RESPONSE CODE, ka karanta lambar nan guda biyu.

In ka ga 00, kuɗi sun fita, ko da alat bai shigo ba tukuna. Kada ka sake.

In 51 ce, kuɗin asusun ne ba su kai ba. A rage adadin ko a kawo wani katin. In 55 ce, an yi kuskuren lambar sirri. Ana iya sakewa a natse, amma yawancin bankuna na toshe kati bayan kuskure uku.

Wadda ta fi cin mutane ita ce 91: bankin mai katin bai amsa ba. Wani lokaci an riga an cire kuɗin, amsar ce ta maƙale a hanya.

A ce a Kantin Kwari wata Hajiya ta sayi shadda ta naira 45,000 a shagonka, sai 91 ta fito. Ka ce, "Hajiya, don Allah duba asusunki tukuna." Ta duba ragowar kuɗinta a waya, kada ta jira alat, don yakan makara. Kai kuma ka duba jerin cinikin da ke cikin na'urarka. In ba a taɓa kuɗin ba, a jira 'yan mintuna a gwada sau ɗaya. In an cire, kada a sake, don jimillar abin da za a cire mata na iya kai 90,000. Ba ta takardar ta adana, domin da lambar RRN da ke jiki, wato lambar shaidar cinikin, bankinta zai bi sawun kuɗin.