Yadda ake ɓoye suna, hoto da shekaru kafin a ba takardar neman aiki maki

Mai tantance takardun neman aiki yakan fara yanke hukunci tun kafin ya kai layin da ke faɗin abin da mutum ya iya. Suna ne a sama, hoto a gefe, ranar haihuwa a ƙasansu, kuma ido ba ya neman izini kafin ya gani. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, sun aika takardu kusan 5,000 ga masu neman ma'aikata a biranen Boston da Chicago, suna sauya sunayen da ke kai. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka san fararen fata da su sun sami kiran ganawa fiye da masu sunayen baƙaƙen fata da kashi 50 cikin ɗari. Haka shekaru ma: David Neumark da abokan aikinsa sun aika takardu sama da 40,000 a Amurka, suka ga kira yana raguwa idan takarda ta nuna mai ita ya manyanta, musamman idan mace ce.

Ga yadda za ka toshe wannan ƙofar. Mu ɗauka ana neman akanta ɗaya, takardu 60 suka shigo.

Matakin farko, kafin ka buɗe ko takarda ɗaya, rubuta ma'aunin da za a bi. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin. Idan ka ɓoye suna amma ka bar mai tantancewa ya ba da maki yadda ransa ya kwanta, son zuciya zai sami wani wurin fakewa, kamar sunan makaranta ko kyawun shafi. A aikin akantan, zaɓi abubuwa huɗu: daidaita lissafin banki da littafin kamfani, haɗa rahoton ƙarshen wata, iya aiki da manhajar lissafi, da shaidar ƙwarewa a fannin. Kowanne makinsa daga 0 zuwa 3, na farkon kuma a ninka shi biyu domin shi ne aikin yau da kullum, jimilla 15 ke nan. Sannan ka fayyace ma'anar kowane maki. Maki 3 a daidaita lissafi na wanda ya yi aikin da kansa ne kuma ya faɗi inda ya yi, 2 na wanda ya taimaka aka yi, 1 na wanda ya ambata kawai ba bayani. Kada ka sa "ya dace da mu" ko "mai kuzari" a ma'auni, domin irin waɗannan kalmomi ne ke shigo da ƙabila da shekaru ta bayan gida.

Mataki na biyu, ba wani mutum dabam aikin gogewa, wanda ba ya cikin masu ba da maki. Shi zai ba kowace takarda lamba daga 1 zuwa 60, ya ajiye jerin da ke haɗa lamba da suna a wurinsa shi kaɗai. Zai cire suna, hoto, ranar haihuwa, jinsi, aure, addini, asali da adireshi. Hoton ya fita ko da mai neman aikin ne ya sa don raɗin kansa, domin fuska ɗaya tana faɗin jinsi, launin fata, kimanin shekaru, wani lokaci har addini ta hanyar sutura.

A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin bayani yana yoyo ta inda ba a zata ba. Adireshin imel yakan ƙunshi suna da shekarar haihuwa. Shekarar gama makaranta tana faɗin shekarun mutum kusan daidai, don haka a goge ta, a bar sunan digirin. Ranakun aiki a mayar da su tsawon lokaci, misali "shekara 3 a wannan matsayi". Idan aikin shekara biyar na gogewa yake buƙata, duk abin da ya haura a rubuta shi "shekara 5 ko fiye", don kada mai shekara 22 a fagen aiki ya tonu. Shugabancin ƙungiyar mata ko ta addini a mayar da shi "shugabancin ƙungiya". Akwai kuma yoyon na'ura: sunan fayil ɗin kansa, da sunan marubuci da ke cikin bayanan fayil. Idan ka ɗora baƙin akwati a kan suna a fayil na PDF, rubutun yana nan a ƙarƙashi, ana iya kwafo shi. Abin da ya fi tsafta shi ne a kwashe bayanan da ake buƙata zuwa fom iri ɗaya ga kowa. Ka gwada aikin: miƙa wa wani takardu biyar da aka goge, ka ce ya cinki jinsi da shekarun masu su. Idan yana cinka daidai, tambaye shi me ya gani, ka goge wannan.

Mataki na uku, mutum biyu su ba da maki, kowa shi kaɗai, ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. Ya fi kyau su bi ma'auni ɗaya a kan takardun duka 60 kafin su koma na gaba, don kada burgewar abu guda ta ja sauran maki sama. Ɗauki takarda mai lamba 17. Na farko ya ba ta 3 a daidaita lissafi, wato 6, sai 2, 2 da 1, jimilla 11. Na biyu ya ba ta 8. Tazarar ta wuce maki biyu, dole su zauna. Da aka bi layi-layi, sai aka ga na biyun ya rage maki ne saboda mai takardar ya ambata da kansa cewa akwai shekara huɗu da bai yi aiki ba. To giɓin aiki ba ya cikin ma'aunin, kuma galibi masu reno ko jinya yake kamawa. Makin ya koma 11, takardar ta shiga cikin takardu takwas da za a kira masu su ganawa. Sai bayan an rufe wannan jeri, an sa hannu, za a buɗe sunaye.

Mataki na ƙarshe, ƙirga. Mai riƙe da jerin sunaye ya duba mata nawa suka nema, nawa aka kira, nawa aka ɗauka, haka ma waɗanda suka manyanta. Idan mata 24 ne cikin 60, uku suka shiga cikin takwas, rabon bai karkace ba. Idan kuma zagaye bayan zagaye suna kai wa ganawa amma ba a ɗaukarsu, to matsalar ta koma ɗakin ganawa, inda fuska ba ta ɓoyuwa. Maganin can shi ne tambayoyi iri ɗaya ga kowa, a jeri ɗaya, da maki a rubuce.

Ƙirgar tana da wani dalilin. A 2017 gwamnatin Ostareliya ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi da ma'aikatanta sama da 2,000, aka ga ɓoye jinsi ya ɗan rage damar mata ta shiga jerin waɗanda za a kira, domin masu tantancewar dama can suna ɗan fifita su. A Faransa ma an sami gwajin da ɓoye suna ya rage kiran 'yan tsiraru. Saboda haka ka ajiye alƙaluman ɗaukar ma'aikata na baya, tun kafin ka fara ɓoyewa, ka kwatanta su da na zagaye biyu ko uku na gaba, ka ga ta ina rabon ya motsa.