Matakan shirya guzurin aikin Hajji daga Yamai

1. Fara da lissafi. Tambayi kamfanin da ka biya kujera ko hadaya da abinci suna cikin kuɗin. Abin da ba ya ciki, haɗe da tsaraba, shi ne guzurinka.

2. Riƙe Yuro. Sefa tana ɗaure da shi, Yuro ɗaya Sefa 655.957, saboda haka jira ba ya kawo rangwame. Ladan mai canji kawai ke bambanta. Ka saya da wuri, kafin maniyyata su yi wa 'yan canji rububi. Yuro 500 zai ci kusan Sefa 328,000, wato jika 328, ban da lada. Riyal kuwa da Dalar Amurka take ɗaure, Dala ɗaya Riyal 3.75. Wanda ke da Dala a hannu ya tafi da abarsa, canji biyu asara ce. Dala mai tsohon bugu ko yagaggiya, masu canji kan ƙi ta.

3. A filin jirgi canza kaɗan, na ruwa da layin waya. Sauran a shagunan canji na Makka ko Madina, kashi-kashi.

4. Raba kuɗin gida biyu. Ranakun Mina, ɗauki ƙananan takardun Riyal a jakar ɗamara.